Ina Gajiyar Shekaranjiya

Rikoto, Zuru
4 ga Yuni, 2006

Zuwa ga maigidana, Baban Joyce,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina aiki, ina zafin Darfur? Ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Allah ya tsare ku, kai da abokan aikinka.

Kofur Ezekiel zai koma wurinku jibi, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Ruwa ya sauka sosai, mun gama shukar dawa. Ƙanenka Sila yana ƙoƙari. Shi ke ɗauko yara daga makaranta a kan babur ɗinsa, ya zauna da su har in taso daga kasuwa.

Wani abin kunya ya same ni. Matar Fasto ta zo duba mu, ta yi sallama, Joyce ta tsaya ƙiƙam tana kallonta da yatsa a baki, Abel kuwa ya ruga bayan rumbu. Ta ce masu ina wuni, ba wanda ya amsa. Na ga yadda ta dube ni. Yarinya mai shekara shida da yaro mai huɗu, a ce ba su iya gaisuwa ba.

Tun ranar na sa su gaba. Kowace yamma sai in fita ƙofar gida in yi sallama kamar baƙuwa. Su amsa, Joyce ta durƙusa, Abel ya cire hula ya tsuguna, su ce sannu da zuwa. Na koya masu cewa ƙarami ne ke fara gaida babba, kuma ba ya miƙa hannu sai babban ya miƙo, sannan ya karɓa da dama, hagu na tallabe da ita. Da safe ina kwana, in rana ta yi ina wuni. Abel ya shimfiɗa tabarma, Joyce ta kawo ruwa da hannu biyu, su ja gefe, ba zura wa mutum ido.

Amsawa ta fi ba su wuya. In an ce ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina ruwa, ya yi gyara. In an kira sunanka, na'am, ba "me" ba. Jiya na ce wa Abel ina labari, maimakon ya ce sai alheri, sai ya gyara zama ya fara ba ni labarin akuyar maƙwabta. Na yi dariya har da hawaye. Mama kakarsu kuma tana koya masu gaisuwar yarenmu, C'lela, in mun je Danko.

Yara suna gaishe ka. Ka kula da kanka.

Matarka,
Rachel


Rikoto, Zuru
16 ga Yuli, 2006

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata ciwon ƙafar nan ya sake ka. Mun ga saƙon takalma, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Joyce ta zama abin nuni a unguwa. Yanzu na kai ta ga bambanta baƙi. Wanda ba ta sani ba, sannu da zuwa, ina hanya. Wanda aka daɗe ba a gani ba, kwana biyu. Wanda ya zo jiya ko shekaranjiya, ta kira sunansa da girmamawa, ta tambaye shi gajiyar zuwan da ya yi. In baƙo zai tafi, su raka shi ƙofa su ce a gaida gida. Ba ta kuskure ko ɗaya.

Abel ne ya dame ni. A da ya fi ta zumuɗi, ko ni na dawo daga bayan gida sai ya tsuguna ya yi mini sannu da zuwa. Yanzu mako biyu ke nan ya rufe bakinsa. In baƙo ya shigo zai tsuguna, amma ko an gaishe shi ba ya amsawa, sai ya danne leɓɓansa yana kallon ƙasa. Ni ma in na dawo kasuwa na ce masa ina gida, wa ya zo, sai idonsa ya cika da hawaye. Na lallashe shi, na hana shi ƙuli-ƙuli, ranar Lahadi har na tsula masa tsinken tsintsiya a gaban dattijon ikilisiya. Bai yi magana ba. Na kai shi asibiti a duba kunnensa, suka ce lafiyarsa lau.

Na tambayi Sila ko wani abu ya faru a makaranta, ya ce halin yara ne, zai wuce. Ka sa shi a addu'a.

Taka,
Rachel


Rikoto, Zuru
30 ga Yuli, 2006

Baban Joyce,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yara lafiya. 

Ranar Alhamis hadari ya haɗo tun da hantsi, na kwashe man gyaɗata na dawo gida da wuri. Na tarar da yaran su kaɗai, Sila ya ajiye su ya fita. Ba a jima ba na ji babur a ƙofa. Sila ya shigo da wani dattijo mai farar riga. Da ya gan ni sai ya ja ya tsaya. Ya ce fasinjansa ne daga Ribah, baƙo ne a garin, ruwa ya tare su shi ya sa suka fake. Na yi masa sannu da zuwa, na kira yara su gaishe shi.

Joyce ta zo ta durƙusa kamar yadda na koya mata, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Arzika. Ina gajiyar shekaranjiya?"

Dattijon ya ce, "Gajiya ta bi lafiya, 'yata." Ya faɗa kafin ya yi tunani, ka san amsar gaisuwa ba ta jiran shawara. Sai da ta fita daga bakinsa ya dubi Sila, Sila ya dubi ƙasa. Abel ya fashe da kuka.

Na ce, "Alhaji, ashe ka san gidan."

Mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba. Ya ce wannan zuwansa na huɗu. Ya duba ɗakuna, ya duba rijiya, ya auna fili, yau ya zo ne ya ga ko kwano na yoyo in ana ruwa. Gidan nan ya zo saya, Baban Joyce. An gaya masa wai matar gidan ta sani, ba ta dai son a yi zancen a gabanta.

Bayan sun tafi na zaunar da yara. Ashe Sila ne ya ce masu in suka gaya mini wani ya zo, babansu ba zai dawo daga wurin yaƙi ba. Joyce ta riƙe maganar, ba ta gaya mini ba, amma ba wanda ya hana ta gaisuwa. Abel ya yi ƙanƙanta ya rarrabe abin da za a faɗa da wanda ba za a faɗa ba, sai ya rufe bakin gaba ɗaya don kada ka mutu. Yaron da na daka ke nan.

Sila fa, mutumin da na ba amanar 'ya'yana, nake zuba masa tuwo kullum kafin in ci. Na hana shi shigowa gidan. Ka nemi waya ka kira shi, ka tambaye shi wa ya ba shi ikon sayar da gidan wansa yana raye. Ni na san da kana nan da bai isa ba.

Matarka,
Rachel


Rikoto, Zuru
20 ga Agusta, 2006

Dawuda,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, da gaske nake wannan fatan. Mama a Danko tana tambayarka.

Ranar da ka kira wayar shagon bakin titi ban iya ce maka komai ba, mutane na tsaye a kaina suna jiran layi. Ka ji ina ta cewa to, to. Kada ka ɗauka yarda ce.

Da Sila ya ce kai ka sa shi, na ce masa maƙaryaci ne a gaban matarsa. Na yi mako uku ina kare ka a bakin mutane. Sai ga muryarka kana ce mini ai don amfaninmu ne, Kaduna ta fi makarantu, ka ga fili a can, ka san in ka tambaye ni ba zan yarda ba shi ya sa ka so a gama tukuna. Ashe ka san ba zan yarda ba. Lokacin da ake ginin gidan nan kana Saliyo, ni na ɗebo ruwan kwaɓa siminti a kaina da cikin Joyce. Da ka zaunar da ni ka ce Rachel, ga abin da nake tunani, wataƙila in yi faɗa, wataƙila in yi kuka, wataƙila kuma daga baya in bi ka. Ba ka ba ni wannan ba. Ina rubuto maka damuwata a kan Abel, ka karanta, ka san abin da ake yi a gidan, ka aiko da amsa cewa in ƙara haƙuri da shi.

Ka ce ba kai ka ce a tsorata yara ba. Na yarda. Amma kai ka ce kada in sani, kuma a gidan da yara suke, dole wani ya toshe masu baki.

Alhaji Arzika ya dawo shi kaɗai ranar Litinin, ya tsaya a ƙofa bai shigo ba sai da na ce ya shigo. Ya ba ni haƙuri, ya ce ya janye, ba ya sayen gida a bayan idon mai share shi. Na san za a iya samo wani mai saye. Ka sani dai duk wanda ya zo, ni zai tarar, na daina barin yara da kowa. Ina tashi kasuwa da rana in ɗauko su da kaina.

Abel ya fara amsa mini ni da Joyce, a hankali, kamar mai raɗa. Amma in namiji ya yi sallama har yanzu yakan riƙe zanena ya yi shiru. Na gaya masa ƙarya ce, maganarsa ba ta kashe kowa. Ya dube ni ya ce sai Baba ya faɗa.

An ce za a canja ku a watan Disamba. Ba na son saƙo, ba na son a turo mini Sila ko dattawa su ba ni baki. Ka zo da ƙafarka. Kafin ka buɗe jaka, kafin ka ce mini komai a kan gida, ka tsuguna a gaban ɗanka ka gaya masa. Tawa maganar za ta jira, tana da tsawo.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Rachel