Ranar da Garba Ya Fito Zaure

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki na gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga uwarsa, ina yi miki albishir da abin da ba ki tsaya kin gani ba: Garba ya tashi.

Garbanki dai, abokina, wanda muka koyi fawa tare a mahautar Garwa. Kin bar shi kwance da tarin fuka, yana tofar da jini, mutane suna gaishe shi daga bakin ƙofa. Ke kaɗai kike shiga da kwanon kunu ki zauna.

Bayan rasuwarki ya daɗe a lopital, wato asibiti. Kullum allura, har wurin ya yi tauri, ga ƙwayoyi cike da tafin hannu. Allurar ta taɓa masa kunne, ta bar masa jiri. Da damina ta kama, lokacin da jiragen ruwa suka fara haurowa Binuwai daga Najeriya, aka sake duba majinarsa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ce ba ya yaɗa cutar yanzu, ya koma gida, amma kada ya daina shan ƙwaya sai an ce ya daina, kada kuma ya ɗauki kaya ko ya zauna cikin hayaƙi.

Muka ce sai walima. Matarsa Hajara ta yarda, bisa sharaɗi. Da hantsi za a yi, kafin rana ta yi zafi. A zaure zai zauna, da matashi a bayansa, inda iska ke ratsawa. Wutar gashi can bayan gida. Baƙi su shiga kaɗan-kaɗan, su yi barka su fito. Abincinsa daban, romon kaza da dafaffiyar madara, ba tsire mai yaji ba. Ni ta ɗora wa tsaron ƙofa. Ta ce, “Malam Ilu, da ka ga ya fara haki, ka sallami kowa, ko waye.”

Da farko lafiya lau, Inna. Ya sa rigarsa ta sallah, tana lilo a jikinsa kamar ta aro, yana ta jan hannunta don ya rufe ƙasusuwansa. Fulanin da muke sayen shanu a hannunsu suka zo tun daga Ngong, suna “Barkama, barkama.” Na ga haƙoransa a waje.

Sai ga mai kalangun mahauta, ba wanda ya gayyace shi. Ya kama taken Garba, na zamanin da yake kayar da bijimi shi kaɗai. Samari suka ɗauki ihu. Sarkin fawa, da kyakkyawar niyya, ya miƙa wa Garba wuƙa, ya ce yau da hannunsa zai yanka ragon walimarsa. Duk mun ga gumi a goshinsa, mun ga kafaɗunsa suna hawa da sauka. Amma daɗi ya kwashe mu, muna tafi, har da ni mai tsaron ƙofa.

Garba ya miƙe, don ba zai iya cewa a'a a gaban tsaransa ba. Bai kai ga ragon ba jiri ya ɗebe shi, ya durƙusa a ƙasa, tari ya sarƙe shi, hularsa ta faɗi. Kiɗa ya tsaya. Babban mutum a durƙushe, yana ɓoye fuska, yana ce mana mu yi haƙuri. Shi ne ma mai ba mu haƙuri, Inna. Ban san inda zan sa idona ba. Sarkin fawa ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

Muka mayar da shi kan tabarma, aka buɗe masa wuri ya sha iska. Na duba ƙyallen da ya toshe baki da shi, babu jini, sai a lokacin na yi numfashi. Hajara ba ta yi faɗa ba. Daga bayan zana ta ce, “Na gode wa kowa. A ci nama a waje.” Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi.

Wani ne ya yanka ragon. Ni ban iya cin komai ba. Da la'asar Garba ya farka, ya gan ni zaune a bakin zaure, ya ce in matso. Ya ce, “Ilu, ai na ji takena. Na zaci ba zan ƙara jinsa ba.” Sannan ya ce in miƙo masa ruwa ya sha ƙwayarsa.

Yanzu kowace safiya nakan bi ta gidansa, mu taka zuwa masallaci a hankali. In ya tsaya, sai in tsaya in yi kamar ina gyara takalmi. Ya sani, ni ma na san ya sani.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna. Allah ya mayar wa Garba da ƙarfinsa a lokacin da ya ga dama, mu kuma ya ba mu haƙurin jira. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Ilu