Addu'ar Barcin Gimbiya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan kalau muke, ɗinki kuma yana ta shigowa.

Yaya, wata magana ce ta taso a gidanmu, ke da kika yi shekara ashirin kina koyar da ƙananan yara za ki fi kowa gane ta. Kin san Gimbiya ta cika biyar, bakinta kuma ba ya hutawa. Kullum da ƙarfe takwas ni nake kwantar da ita, in tofa mata addu'o'in da muka gada. Babanta yakan tsaya a bakin ƙofa da ƙurar katako a gashinsa, yana kallonmu, ba ya cewa komai. Kin san i'inarsa. A shagon kafinta ma da hannu yake yawancin magana.

Shekaranjiya sai yarinyar nan ta ja kunnena ta raɗa mini wai ita ta gane, Baba ba ya yi mata addu'a saboda ta zubar masa da kwalbar gam. Raɗar yara kuwa kin sani, har maƙwabta suna ji. Ya ji. Ya juya ya tafi falo, abincinsa ma bai taɓa ba.

Daga baya ya gaya mini cewa a zuci yake yi mata, don ba ya son ta ji harshensa yana sarƙewa a gaban Allah, ta tashi tana jin kunyarsa. Ban yi masa musu ba. Amma na lura da abu guda tun farkon aurenmu: in yana bin waƙar rediyo, ko ana faɗin abu baki ɗaya da shi, maganarsa sumul take fita. Don haka na ƙudura zan tsara gajeriyar addu'a mai amsa-amo wadda ni da shi za mu riƙa faɗa tare. Zan iya. Macen da take haɗa wuyan riga ba za ta kasa haɗa layi shida ba.

A gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, saƙonki ya iso, na gode. Kin ce kada ta wuce abin da yaro zai riƙe, kuma kada in sa abin tsoro. To shawararki ta makara da kwana ɗaya, na riga na yi ɓarnar.

Ta farko layi goma sha biyu na yi, har ina yaba kaina. Na sa a tsare ta daga maciji da ɓarawo da gobara. Ina gama karanta wa Gimbiya ta tashi zaune ta ce, "Mama, ta ina ɓarawon zai shigo?" Sai da muka leƙa ƙarƙashin gado sau biyu. Na yaga takardar.

Sai na zauna a kan keken ɗinki na sake lale. Na cire duk kalmar da ba ta cikin bakinta. Na cire maganar laifi ma, tunda tunanin laifi ne ya kawo mu nan. Kowane layi na ƙirga shi da yatsu ya zama gaɓa takwas, yadda numfashi ɗaya zai ɗauke shi. Duka na ƙare su da "na", don kunnenta ya san abin da ke zuwa ta cafke.

Sannan na zo kan Babanta. Inda ya fi maƙalewa shi ne in "k" ko "b" suka zo a farkon numfashi. Ga shi kowane layi na fara shi da "Ka". Na tambayi malamin unguwarmu ko zan iya cire shi, ya ce roƙo da harshen da mutum yake ji ba laifi, muddin da ladabi, mu kuma ci gaba da waɗanda muka saba. Ga ta nan yadda ta tsaya:

Ya Allah, ga shi zan kwana,
Na gode da wasan rana.
Ya Allah, tsare Mamana,
Ya Allah, tsare Babana.
Sa haske a mafarkina,
In tashi da murmushina.

Na kai masa shago da rana, lokacin ba kowa. Ya karanta da ido, ya ce ba zai iya ba. Na ce ai ban ce ka iya ba, cewa na yi ka bi ni. Muka tsaya tsakanin ƙafafun tebura, ina bubbuga benci a hankali, bugu huɗu kowane layi. Karon farko ya tsaya cak a layi na biyu. Ban jira shi ba, ban kuma ƙarasa masa ba, na dai rage sauri na ci gaba, sai ga muryarsa ta kamo tawa. Karo na huɗu muka kai ƙarshe tare. Ya ɗauki magoginsa na kafinta ya hau gogar katakon da ya riga ya goge, don kada in ga idonsa.

Gobe za mu gwada a gabanta. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙafa ta saki. Ki yi haƙuri da shiruna na mako uku, mura ce ta kayar da ni.

Abin ya kama. Tsarin kullum ɗaya ne: ta wanke baki, a rage fitila, in tofa mata na larabci, sannan ni in zauna a gefen kanta, shi a gefen ƙafa. Bugun benci ya koma bubbuga bayanta a hankali, da hannunsa. Daren farko ta buɗe ido tana kallon bakinsa har muka gama, ta ce a sake. Na ce sau ɗaya ake yi, don na san in na yarda sai mun kai goma. A kwana na uku ta fara cafke ƙarshen layi, mu ce "zan", ita ta ce "kwana". A mako ɗaya ta haddace duka. Ta so a ƙara kyanwar maƙwabta a ciki, na ce kyanwa ta shiga cikin wasan rana.

To ranar Talata muryata ta dushe ƙurmus, ko raɗa ba ta fita. Takwas ta yi, muka zauna, na nuna maƙogwarona. Na ga hannunsa ya tsaya a iska. Kafin in yi wata dabara sai Gimbiya ta ce, "Baba, kada ka damu, ni ce Mama yau. Ka bi ni a hankali."

Yaya, suka ɗauka tare, muryarta siririya a gaba, tasa a baya. Layi huɗu lafiya lau. Amma ranar ta sha guje-guje, tana gama "Babana" ta yi hamma, ido ya rufe. Saura layi biyu, ba ni, ba ita. Ya ci gaba da bubbuga bayanta. Ya faɗi na biyar shi kaɗai. A farkon na shida ya maƙale, na ƙirga bugu uku a raina, sannan ya ja numfashi ya wuce ta ciki har ƙarshe, ya ce amin.

I'inar tana nan, ban ce ta tafi ba. Jiya ma sai da ya yi fama da mai kawo katako. Amma da safen nan yarinyar ta tambaye shi ko ya gama addu'ar bayan ta yi barci, ya dube ta ya amsa da bakinsa, kalmar tana sarƙewa yana turawa, ita kuma tana jira da cokali a hannu har ya kai: "Na gama, Gimbiya."

Ki gaishe da yara. In jikarki ta isa, ki kwafa mata, na ba ki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta