Ƙorafi Kan Wayata da Aka Kulle a Durowa, da Muryar Yayana da Ta Salwanta

Uwaisu Iliyasu,
Shagon Abdulƙadiri da Ƙanensa,
Wurno, Jihar Sakkwato.
17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Alhaji Mainasara Kaka,
Shugaban Ƙungiyar Haɗin Kan Masu Shaguna da Masu Waya,
Shiyyar Wurno, Rabah da Goronyo.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: HANA NI KARƁAR SAƘO TA LAYIN WAYATA, DA ABIN DA HAKAN YA JAWO

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, da fatan ana shan ruwa lafiya. Ni ɗan wagga ƙungiya ne, ina sayar da irin albasa da kayan gyaran injin ban-ruwa. Da yayana Abdulƙadiri muka buɗe shagon. Ya rasu bara a hatsarin mashin bisa hanyar Rabah, Allah shi jiƙan shi. Ga ƙorafina a jere.

1. Shagonmu yana da shafi a Facebook, ta nan manoman Giyawa da Magarya da bakin dam ke aiko muna da saƙo. A shafin akwai bidiyoyin da marigayi ya ɗora, yana nuna yadda ake wanke fulogi da sauya roba, yana tsokanar manoma yana dariya. Tun rasuwarsa, mahaifiyarmu Inna Juwairiyya ba ta kwanciya sai an kunna mata ɗaya. Ba ta san mi ake kira fulogi ba. Muryar take so.

2. Ranar Lahadi 2 ga Fabrairu aka zare mani waya a kasuwar Goronyo. Wayar tana da makulli, amma layin ba shi da shi. Ɓarawon ya cire layin ya sa a wata waya, ya shiga wurin masu mantuwar kalmar sirri a Facebook, aka turo lambobi shida ta saƙo, ya sauya kalmar. Da yake ta asusuna ake sarrafa shafin, duka biyu suka tafi tare. Ranar 4 ga wata ƙanwata Adawiyya ta duba a wayarta, ta tarar an kwashe bidiyoyin kaf, an cika shafin da tallan ƙarya.

3. Na je a sabunta mani layin, aka ce sai mai shi ya zo da lambarsa ta ɗan ƙasa ya dangwala yatsa. Layin da sunan marigayi aka yi mashi rajista. Ranka shi daɗe, a ina zan samo yatsan?

4. Ranar 9 ga Fabrairu 'yan sintirin ƙungiya suka kama ɓarawon, wani yaro, yana neman sayar da wayar, layin kuma yana aljihunsa. Ya amsa cewa ya riga ya sayar wa wani da kalmar sirrin. Aka damƙa wayar da layin ga sakatare, Malam Habibullahi, ya kulle su a durowa. Wallahi ranar har sujada na yi, don na duba na ga har lokacin lambata ce a kan asusun: idan an nemi sauya kalmar sirri, ƙarshen lambata ake nunawa.

5. Washegari na same shi da ladabi. Ban nemi a ba ni wayar ba. Na roƙa ne kawai a sa layin a wata waya a gabansa, saƙo ya shigo, in karanta lambobi shida, a mayar durowa. Ya ce kayan shaida ne, ba a taɓawa sai kwamiti ya zauna. Na dawo da kwalin wayar da rasit, ya ce sunan da ke jiki ba nawa ba ne, na marigayi ne. Malam Habibullahi yana cikin sahun da ya sallaci Abdulƙadiri. Na bayyana mashi cewa abin da aka cire daga shafi yana zama a kwandon shara kwana talatin kafin ya goge har abada, ya ce shi bai san wasan yara na waya ba. Sau uku ina hawa mashin daga Wurno saboda wagga magana, kwamitin bai zauna ba.

6. Ranar 17 ga Fabrairu na sake dubawa, na ga ƙarshen wata lamba da ban sani ba. Wanda ya saya ya cire tawa ya sa tashi, ya sauya imel. Daga ranar layin da ke durowa bai da sauran amfani ga wannan aiki. Na zauna a ƙofar shago na rasa mi zan yi, har maƙwabcina ya ɗauka wata rasuwar aka yi.

7. Sai na bi doguwar hanya. Na taɓa shiga asusuna ta wayar Adawiyya, don haka an gane wayar. Ta ita na shiga sashen waɗanda aka ƙwace wa asusu, na nuna ba ni da iko da lambar da imel ɗin da ke kai, na ba da sabon imel, na ɗora hoton katin shaidata. Aka ƙi karɓa, don a asusun ni Uwaisu Mai Inji ne, a kati kuwa Uwaisu Iliyasu, ga hoton ya yi duhu. Na sake ɗauka da rana tsaka, na haɗa da katin zaɓe, na tura, na yi ta jira. Ranar 10 ga Maris saƙo ya shigo da hanyar sa sabuwar kalmar sirri. Na cire lambar wanda ya saya da imel ɗinsa, na fitar da duk wayoyin da ke ciki, na tsige wani baƙo da ya ɗora a cikin masu iko da shafin, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu a sabon layi mai sunana, na sa wa layin makulli. Shafi ya dawo hannuna, alhamdu lillahi.

8. Nan take na buɗe kwandon shara. Mutumin bai taɓa zubar da shi ba. Hotunan buhunan iri da ya cire daga baya suna nan, na dawo da su duka. Bidiyoyin yayana kuwa wa'adinsu ya cika tun ranar 6 ga wata. Buhuna sun dawo, Ranka shi daɗe, shi bai dawo ba. Ban taɓa sauke bidiyoyin a wani wuri ba, don ban taɓa zaton zai sake tafiya ba. Na tambayi manoman da ke bin shafin ko wani ya adana, har yau ban samu ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, nake roƙon abubuwa uku. Na farko, a ba ni wayata. Asalinta ta marigayi ce, kuma akwai katin memori a cikinta. Ban sani ba ko ɓarawon ya taɓa shi, amma nan kaɗai fatana ya rage. Na biyu, ƙungiya ta kafa doka cewa duk wanda aka samo layinsa, a bar shi ya karɓi saƙonsa nan take a gaban shaidu, ko da za a ci gaba da riƙe kayan.

Na uku shi ne ya fi mani nauyi. Ba na neman a tsige kowa, ba na neman diyya. Inna ta ji an ce shafi ya dawo, kullum bayan shan ruwa sai ta gyara zama ta miƙo hannu a kunna mata ɗanta, ni kuma in tashi in fita. Idan aka buɗe katin aka tarar babu kome, ina roƙon ka umurci Malam Habibullahi ya zo gidanmu a Wurno ya gaya mata da bakinsa. Ni na gwada, na kasa.

Allah shi ƙara ma lafiya da adalci, shi sa mu ga Salla lafiya.

Naka mai biyayya,
Uwaisu Iliyasu,
ƙanen marigayi Abdulƙadiri.