Na wanke kofina, Anti Rifkatu ta ɗauka ƙyamarta nake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah shawararku nake nema, abin ya tsaya min a rai.

Ina aiki a wani ofis a Birnin Kebbi, tsohon gini ne tun na zamanin samun 'yancin kai, ɗakin mutum uku aka cusa mu mu takwas. Tebur ɗaya mutum biyu, kujera kuwa sai wanda ya riga zuwa. Soket ɗaya ke aiki, ka sa caja ka juya baya an zare an sa wata. Janareta na bayan tagarmu, in an buɗe hayaƙi da ƙara, in an rufe zafi da warin abincin kowa. Malam Bello ba ya amsa waya sai a sifika. Biro, almakashi, cokali, kowa ɗauka yake bai tambaya ba, kuma ba mai magana, sai tsaki ƙasa-ƙasa.

Abokiyar teburina ita ce Anti Rifkatu, Kirista ce 'yar Filato, ta girme ni sosai. Ita ta koya min aikin, kofi ɗaya muke shan shayi. Kullum tana zuwa da bandar kifin Argungu da ɗanyar albasa, da har ci nake.

To yanzu ciki gare ni, ƙarami. Biyu sun zube a baya, duka na yi saurin faɗa a ofis, na sha barka na dawo na sha jaje. Maigidana da Inna mahaifiyata suka sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba sai ya fito. Wallahi da Anti Rifkatu ta buɗe kular kifinta amai ke taso min. Na fara toshe hanci da mayafi, ina jan kujerata baya, ina fita.

Rannan ta sha ruwa da kofina bayan ta ci kifi. Na kai shi famfo ina ta dirza da omo, ina shinshinawa ina sake dirzawa, ashe tana bayana. Ta ce ba ta san bakinta ya zama ƙazanta ba, ta yi zaton ni ƙanwarta ce. Na buɗe baki, na tuna alkawari, na ɗauki kofina na wuce kamar wawuya.

Tun daga nan a gindin darbejiya take cin abinci ita kaɗai. Har an fara cewa wa'azi na ji ya canza ni, wani ma yaba min ya yi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Jiya na ji ta roƙi Oga ya mayar da ita reshenmu na Argungu, alhali yaranta a nan unguwar Gesse suke makaranta, kuma ya ce zai sa hannu.

Tsoro nake ji. In na faɗa mata, a ɗakin nan ko raɗa ka yi kowa ya ji, in cikin ya sake zubewa ban san da idon da zan kalli Inna ba. Don Allah in karya alkawarin, ko in bar baiwar Allah ta tafi tana ganin addininta na ƙi?