Ayar Hadiza

Laraba da dare, Wurno

Shekara da shekaru ina jan kunnen ɗalibai su sa aya a ƙarshen jimla, yau ga aya ta hana ni cin tuwo.

Da safe ɗiyata Hadiza ta rubuto a waya cewa za ta koma aiki Goronyo. Na amsa, "To." Da la'asar sai ga saƙo: "Na iso." Babu alamar motsin rai uku da ta saba jerawa, waɗanda a da nake ɗauka ihu ne. Babu 'yar fuskar nan mai hawaye, wadda ta ce dariya ce, ba kuka ba. Ɗiyata ba haka take rubutu ba. Da halin da hanyar nan take ciki, abin da ya zo mini shi ne wayar tana hannun wani. Na yi ta kira, ba ta shiga. Na ɓoye wa uwarta, na yi sallar magariba hankalina yana kan titi.

Bayan isha'i ta ɗauka, muryarta a sanyaye.

"Baba, mi na yi maka?"

"Ni ke da tambaya. Wa ya rubuta saƙon nan?"

"Ni ce. Kai ka fara sa aya. Wurinmu aya fushi ce, kamar an rufe ƙofa."

Ashe yini ta yi tana laluben laifinta, ni kuma ina nemanta a daji.

Yanzu na tura mata "Sai da safe!!!" Ji nake kamar na yi ihu a masallaci.