Ku Mayar da Nasiru Akawu Bakin Aikinsa

Zuwa ga Shugaban kamfanin ajiyar hatsi da ke kusa da Kasuwar Bodija, Ibadan.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Rabi'u, direban keke mai ƙafa uku ne ni a Sabo, unguwar Hausawa, ƙanen Hamisu ɗan dako wanda ya yi ƙarar kamfaninka a kotun ma'aikata. Na zo ofishinka, mai gadi ya ce Oga ya yi tafiya, alhali ga motarka a inuwa. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban yi boko mai nisa ba, a jaridun da ake naɗe tsire na ƙarasa koyon karatu, don haka in lafazina ya yi kaushi, a yi haƙuri. Lauyan Yaya Hamisu ya ja mini kunne kada in taɓa maganar hukunci, tunda alƙali bai yanke ba. Na ji. Maganata a kan Nasiru ce, ƙaramin akawunka da kuka dakatar ba albashi.

Na ɗaya, abin da ya faru. Bara, an sa wa wake ƙwayar kashe ƙwari a babban sitonku, aka lulluɓe buhuna da tamfol, aka rufe ƙofa. Mai sa maganin ya liƙa takardar gargaɗi, ya ce kada a buɗe sai ya dawo da kansa ya bar iska ta ratsa. Kowa a harkar nan ya san wannan ƙwaya hayaƙi take saki, hayaƙin da ke kashe ƙwari ya kashe mutum. Sai tirela ta iso tana jiran lodi. Manajanka ya yage takardar, ya buɗe ƙofa, ya kaɗa 'yan dako ciki su yaye tamfol, ba abin rufe hanci, ba jira. Yaya Hamisu ne a gaba. Ni aka kira na kwashe shi a kekena zuwa asibiti, yana amai, tufafinsa na warin ruɓaɓɓen kifi. Har yau in ya hau matakala sai ya tsaya ya dafa bango. Manaja ya ce farfaɗiya ce da shi tun daga gida, ya sallame shi.

Na biyu, yadda aka rasa mai magana. Sauran 'yan dakon 'yan ci-rani ne, wasu sun koma arewa, wasu sun ce bakinsu da abincinsu wuri ɗaya suke. Ban zarge su ba. Sannan ga al'adarmu ta Sabo, wadda ka sani sarai: Bahaushe ba ya kai Bahaushe kotu a garin mutane, a zaure ake kashe magana. Manajanka ɗan unguwa ne, a sahu ɗaya muke sallah. Dattawa suka zauna, ya ƙi amsa ko da kalma ɗaya ta laifi, amma aka ce mu ne za mu yi haƙuri. Ana cikin haka Nasiru ya yi sallama a ƙofarmu da rana tsaka, kowa na kallo. Mutumin da ko a majalisar mai shayi sai ka matsa kafin ka ji muryarsa. Ya ce wa Yaya yana bakin sito ranar, yana jiran ƙirga lodi, ya tuna wa manaja gargaɗin, aka ce ya kama bakinsa. Ya ce in ana neman shaida, ga shi.

Na uku, abin da shaida ta ci masa. Ni da na ɗauka shaida miƙewa ce ka zazzage cikinka. Ashe sai lauya ya rubuta bayaninka sakin layi bayan sakin layi, ka karanta, ka je rajistar kotu ka rantse a gaban jami'in rantsuwa ka sa hannu, sannan a aika wa ɗaya ɓangaren kwafi tun kafin zama. Wato manaja ya karanta duk abin da Nasiru ya faɗa, da sunansa a ƙasa, kuma washegari Nasiru ya koma ya zauna a teburin da ke bakin ofishinsa. Haka ya yi ta zuwa aiki ana ɗage shari'a, watanni. Kawunsa ya je har gida ya ce ya janye. Matarsa, mai sayar da awara daga cikin gida, wasu maƙwabta suka daina aiko yara saye. Bai zagi kowa ba. Ni ne na riƙa zagin a madadinsa, yana hana ni.

A ofishin lauya na matsa masa ya ce ya ga faɗuwar Yaya. Ya ce bai gani ba, yana waje, sai dai ya ga an fito da shi ranga-ranga. Na ce haba Malam Nasiru, wa zai sani? Ya dube ni ya ce, "Rabi'u, Alƙur'ani zan dafa fa." Lauya ma ya ce da gaskiyarsa, abin da mutum ya gani ko ya ji da kunnensa shi ne shaida, ji-ta-ji-ta ba ta tsayawa a kotu.

Ranar da aka kira shi, an ba shi zaɓi, ya dafa Alƙur'ani ko ya yi alkawarin faɗin gaskiya da baki kawai, kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi don tsoron nauyin rantsuwa. Ya shigo da alwalarsa, ya dafa. Ya amsa cewa bayanin nasa ne, sa hannun nasa ne, aka karɓa. Sai lauyanku ya miƙe. Ya ce ko haushin rashin ƙarin girma ne? Nasiru ya ce ya nema, an hana shi, amma ba shi ya kawo shi ba. Lauyan ya ce ka ga lokacin da Hamisu ya faɗi? Ya ce a'a. Ya ce kai likita ne da za ka san abin da ya kayar da shi? Ya ce a'a, wannan sai likita, shi dai ya ga hannun da ya yage takarda, ya ji bakin da ya ce a shiga. An juya tambayar nan ta gaba, ta baya, da Turanci mai ƙaho, amsarsa ba ta motsa ba. Wallahi da ni ne a akwatin shaidar nan, da tuni an fitar da ni saboda rashin kunya.

Na huɗu, sakayyarku. Sati bai zagayo ba kuka ba shi takardar dakatarwa, wai ya fitar da sirrin kamfani. Wane sirri, ranka ya daɗe? Gubar da aka tura mutane cikinta ita ce sirrin? Manajan kuwa yana nan, makullin siton na aljihunsa, kuma kaka ta kusa, za a sake sa magani.

Don haka ina roƙo. A janye takardar, a mayar da Nasiru kujerarsa da haƙƙinsa cikakke. A raba manajan da makullin sito har kotu ta gama. A hana buɗe sito bayan magani sai mai maganin yana tsaye. Sauran akawunanka suna kallo. In Nasiru ya ƙare a gida, duk wanda ya ga an yage takarda gobe zai sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu, kuma wanda za a fito da shi ba lallai asibiti za a nufa da shi ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare dukiyarka daga haƙƙin talaka. Allah Ya ba ka ma'aikata irin Nasiru da yawa, Ya kuma ba ka zuciyar riƙe wannan ɗayan da Ya riga Ya ba ka.

Wassalam.

Rabi'u mai keke,
Sabo, Ibadan.