Ni Na Goye Shi, Wai Sai Ya Ba Ni Izini

Malam mai filin shawara, ka taimaki tsoho, don abin ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina mai buga takardu ne ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Ni kafinta ne, shekara hamsin da biyu ina shaƙar garin katako. A layinmu da wuya a ɗaura aure ba na wurin. Ka tambaye ni auren kowa, zan gaya maka wa ya bayar, wa ya karɓa, su wa suka shaida, da abin da aka yanka na sadaki. Har daga kotu an taɓa aiko mini kan auren da aka ɗaura tun kafin a haifi alƙalin.

'Yata da mijinta sun rasu a haɗarin mota, suka bar mini yara biyu, namiji mai shekara bakwai da mace tana rarrafe. A bayan shago na rene su. Macen nake kira Uwargida, don tun tana ƙarama take cewa ta kori kakarta ta gaje ɗakin. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kuma wani mai gyaran firji ya fito, yaro mai kunya, ya yi mini ƙwacen mata ina ji ina gani. An sa rana, saura mako uku.

Namijin, Dogo, shi ne ciwon. Na koya masa sana'a har hannunsa ya fi nawa faɗawa, rana ɗaya ya ajiye zarto ya bi babbar mota. Na rantse ba zan ƙara yi masa magana ba. Shekara huɗu ke nan, in ya kira sai in kife wayar a kan benci.

To, sabon limaminmu, wanda na girmi ubansa, ya zo shago ya zauna a kan guntun katako, ya jira har masu sayayya suka watse. Wannan kam na yaba masa, bai tsinka ni a gaban jama'a ba. Ya tambayi wane ne waliyyi, na buga ƙirji. Ya sunkuyar da kai ya ce kakan wajen uwa ba ya cikin jerin waliyyai na jini, tunda uba ya rasu bai bar wasiyya ba, wan yarinya ne a gaba. Dogo ke nan, wanda na wanke wa kashi!

Bai tsaya nan ba. Ya nemi a kira Uwargida, ya tambaye ta da bakinsa ko ta yarda. Na ce ai na riga na amsa, ya ce amsata daban, tata daban. Yarinyar nan ta rufe fuska ta ce ta yarda, da murya sarai, har na ji kunya a madadinta. Sadaki kuma da na yi niyyar sayen katako da shi in yi mata gado da kabad, ya ce sai in ita ta so. Ashe tana da nufin biyan kuɗin ƙarin karatu da shi, kunyata ta hana ta faɗa. Na ce ni dai zan bayar, a kuma sa ni a shaidu, kamar yadda na saba. Ya ce mai bayarwa ba ya shaidar kansa.

Limamin nan yaro ne mai ilimi da ladabi, ban ƙi ba. Amma ya je ya kira Dogo, wai Dogo ya ce ba zai iya zama gabana ya ba da aure ba, zai wakilta ni in na karɓa. Ka ji fa, wai shi zai ba ni izini! Malam, in na share su duka na ba da jikata da bakina, auren ya ɗauru ko bai ɗauru ba? Kada ka yi mini kwana-kwana.

Naka, Tsohon Kafinta.

Baba Kafinta, Allah ya ƙara girma. Wanda ya reni marayu biyu da zarto da guduma ya wuce a yi masa kwana-kwana, don haka ga magana a miƙe.

Aure yana tsayuwa ne a kan abubuwa sanannu. A sami miji da mata da babu abin da ya haramta su ga juna, kamar dangantakar jini, ko shayarwa, ko idda. A sami yardarsu: budurwa in waliyyi ya tambaye ta ta yi shiru don kunya, shirun ya isa, bazawara kuwa sai ta furta. A sami waliyyi namiji, Musulmi, baligi, mai hankali. A yi siga, wato wannan ya ce na aurar, wancan ya ce na karɓa, a zama ɗaya. A sami maza biyu adilai da suka ji da kunnensu, ban da mai bayarwa. Sai sadaki, wanda malamanmu suka ce kada ya gaza darajar rubu'in dinari na zinariya. Ana iya biyansa lakadan ko a jinkirta wani sashe zuwa lokaci sananne, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai.

Walicci ta wajen uba yake bi, kuma ɗan'uwa shaƙiƙi yana kusa da gaba a jerin. Ba ma'aunin wanda ya fi wahala ba ne, da haka ne da babu mai ja da kai. Game da tambayarka, malamai sun saɓa. Akwai masu ganin wanda ya reni marainiya yana da walicci, auren da ya ɗaura ya yi. Akwai masu cewa muddin wanta yana nan kuma bai ƙi ba, tsallake shi ɓata aure ne. Kai da kotu ke nema don ka warware shakka a auren wasu, bai dace auren Uwargida ya zama abin da za a yi wa gardama bayan ranka ba.

Ka dubi mutanen da Allah ya kewaye ka da su. Liman ya rufa maka asiri, ya kuma tsare wa yarinya haƙƙinta. Jikarka ta fi son ta rasa karatu da ta ɓata maka rai. Dogo kuwa shari'a ta ba shi kujera, ya ɗauko ta ya ajiye a gabanka. Wakilci halas ne, kuma in ka karɓa, bakinka ne zai furta na aurar a gaban jama'a. Tarbiyyarka ce ta dawo maka.

Rantsuwar yanke zumunci ba a riƙe ta. Ka karya ta, ka ciyar da miskinai goma ko ka tufatar da su, in babu hali ka yi azumi uku. Gado kuma ka yi mata shi kyauta, na san akwai katakon da ka ɓoye wa rana irin wannan.

Kada ka jira ya sake kira, kai ka kira shi yau. Ka ce ya zo ya wakilta ka a gaban liman, ya kuma taho da wuri, don gadon amarya ya fi ƙarfin hannun tsoho shi kaɗai. Allah ya sanya albarka a auren, ya haɗa kanku, ya ba ka tsawon rai ka goya 'ya'yansu.